CBN ko gwamnati: wa ke riƙe da mi a maganar kuɗin ƙasa? Tambayoyi da amsoshi

Duk sadda kaya suka tashi a kasuwar Mai'adua ko ta Charanci, magana ɗaya ce kake ji a majalisa, "gwamnati ta yi kaza", alhali wani abin daga ofishin ministan kuɗi ya fito, wani daga babban banki, wani ma majalisar tarayya ce ta sa hannu. Hannuwa biyu ne ke aiki a kan kuɗin da ke aljihunka. Ɗaya shi ne na kasafi da haraji, ɗaya kuma na babban banki, wato CBN. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi a kai.

Malam, a taƙaice mi ne bambancinsu?

Manufar kasafi ita ce shawarar nawa gwamnati za ta karɓa a hannun mutane, nawa za ta kashe, a ina za ta kashe, in kuma bai isa ba wa za ta ci bashi. Haraji, kuɗin kwastan, albashi, kwangilar titi, tallafin mai, tallafin taki, duk nan suke.

Manufar kuɗi kuwa ba ruwanta da wane titi za a yi ko wane asibiti. Aikinta yawan naira da ke yawo a ƙasa, da tsadar cin bashinta, da darajarta in an kai ta gaban dala. Wanda ya san noman rani a ƙarƙashin dam ɗin Jibiya ko Zoɓe zai gane da sauri: akwai mai riƙe da ƙofar dam, shi ke cewa ga yawan ruwan da zai fita, akwai kuma masu raba ruwan zuwa fadamu, su ke cewa wanga fili zai sha yau wancan gobe. Mai ƙofa shi ne CBN, masu rabo su ne gwamnati. In masu rabo suka yi son kai wasu gonaki su bushe, in mai ƙofa ya saki da yawa kowa ya sha ambaliya har da wanda bai roƙa ba.

To wa ke da iko da kasafi da haraji?

Shugaban ƙasa ne ke kawowa, majalisa ce ke amincewa. Sashe na 81 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce shugaban ƙasa ya gabatar da ƙiyasin abin da za a samu da abin da za a kashe a gaban majalisar tarayya, kuma ba a taɓa kuɗin asusun gwamnati sai da dokar da majalisa ta yi. Ma'aikatar kuɗi da ta kasafi su ke haɗa lissafin, majalisar dattawa da ta wakilai su zauna su yi ta ƙari da ragi, galibi ƙari, sannan ya koma a sa hannu. Kasafin 2025 misali naira tiriliyan 54.99 ne, kuma sai ƙarshen Fabrairu aka sa mashi hannu.

Haraji ma haka, ba a ƙara shi da sanarwar baki. VAT da ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020 sai da aka yi dokar kuɗi ta 2019 tukuna. Sabbin dokokin haraji da Tinubu ya sa ma hannu a Yunin 2025, waɗanda suka ce naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara ba haraji a kansu, su ma ta majalisa suka bi, kuma kowa ya tuna rigimar da gwamnonin Arewa suka yi a kan rabon VAT kafin a wuce da su. Masu karɓa su ne hukumar haraji ta tarayya da kwastan, mai ciwo ma gwamnati bashi kuma ofishin DMO ne, wanda aka kafa a 2000.

Akwai wata doka da mu Katsinawa ya kamata mu sani don marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya sa mata hannu a 2007, ita ce ta ce giɓin kasafi kada ya wuce kashi 3 cikin ɗari na duk abin da ƙasa ke samarwa a shekara, sai in akwai barazana ga tsaron ƙasa. Doka ce mai kyau a takarda, an kuma sha tsallake ta.

Gwamnan Katsina da ciyaman na Daura fa, suna da hannu?

A kasafi suna da, a manufar kuɗi ba su da ko yatsa. Gwamna Dikko Raɗɗa na kai kasafinshi majalisar jiha kamar yadda shugaban ƙasa ke kai nashi ta tarayya, jiha na karɓar harajin albashin ma'aikata da kuɗin lambar mota da na filaye, ƙaramar hukuma na karɓar na rumfunan kasuwa da tasha da kara. Amma babban abin da jiha irin tamu ke rayuwa da shi shi ne rabon wata-wata na FAAC daga Abuja. Bayan an cire kashi 13 na jihohin mai da kuɗin masu tarawa, abin da ya rage tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60, kuma 34 daga cikinsu namu ne. A Yulin 2024 kotun ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi nasu kai tsaye.

Gwamna ba ya iya buga naira, ba ya iya ce ma banki ya rage kuɗin ruwa, ko bashin waje ma ba ya ciwowa sai tarayya ta tsaya mashi. Ofishin CBN da ke cikin garin Katsina reshe ne na rarraba takardun kuɗi da hidimar bankuna, ba a nan ake yanke shawara ba, kuma ba ƙarƙashin gidan gwamnati yake ba.

Shi CBN wa ke juya shi? Ba shugaban ƙasa ba ne ke naɗa gwamnanshi?

Shi ne, kuma nan maganar take da ɗan sarƙaƙiya. Bankin ya fara aiki 1 ga Yulin 1959, dokar da yake aiki da ita yanzu ta 2007 ce, ita ta ce shi mai cin gashin kanshi ne. Shugaban ƙasa ke zaɓen gwamna, majalisar dattawa ta tantance, ya yi shekara 5 ana iya sabunta mashi sau ɗaya, in kuma za a cire shi sai kashi biyu cikin uku na sanatoci sun goyi baya. An yi haka ne da gangan don kada ɗan siyasa da zaɓe ya matso ya ce a saki kuɗi kowa ya ji daɗi na wata shida sannan a sha wuya shekara uku.

Shawarar kuɗin ruwa ma ba gwamnan kaɗai ke yankewa ba, kwamiti ne na mutum 12, gwamna da mataimakanshi 4, mutum 2 daga hukumar gudanarwar bankin, 3 da shugaban ƙasa ya naɗa, 2 da gwamna ya naɗa. Kusan duk bayan wata biyu suke zama na kwana biyu, su kaɗa ƙuri'a, gwamna ya fito ya karanta sanarwa.

Wannan a doka ke nan. A aikace kuwa, Jonathan ya dakatar da Sanusi Lamido Sanusi a Fabrairun 2014, Tinubu ya dakatar da Emefiele a Yunin 2023, duk ba a je ga sanatoci ba tunda an ce dakatarwa ce ba cirewa ba. Sannan akwai abin da dokar da kanta ta ce sai da izinin shugaban ƙasa, kamar sauya fasalin naira. A Agustan 2007 gwamnan bankin na lokacin, Soludo, ya sanar da cewa zai cire sifili biyu daga naira, naira 100 ta koma naira 1, ba a yi sati biyu ba 'Yar'aduwa ya dakatar da shirin don ba a nemi amincewarshi a rubuce ba. Shi kuwa Emefiele da ya zo da canjin kuɗi a Oktoban 2022, na 200 da 500 da 1000, ya samu sa hannun Buhari, amma ministar kuɗi Zainab Ahmed ta gaya ma sanatoci cewa ba a shawarci ma'aikatarta ba. Ka ga ke nan ofisoshi biyu ne da gaske, har ɗaya na iya girgiza ƙasa ɗaya ya ji a labarai. Wahalar da aka sha a layin POS da na banki farkon 2023 ba sai an tuna ma kowa ba, sai da jihohi suka kai ƙara, Katsina na cikin waɗanda suka shiga daga baya, kotun ƙoli ta ce a 3 ga Maris a ci gaba da karɓar tsoffin.

Mi ne MPR ɗin nan da ake cewa an ƙara, kuma ta ina ya shafe ni?

Shi ne ma'aunin kuɗin ruwa da CBN ke kafawa, wanda a kewayenshi yake ba bankuna rancen kwana ɗaya ko ya karɓi ajiyarsu. In ya tashi, kuɗi sun yi ma banki tsada, shi kuma banki ya ɗora ma mai cin bashi. Daga Satumban 2020 zuwa Mayun 2022 yana kan kashi 11.5, aka yi ta ƙara shi har ya kai 18.75 a Yulin 2023, sai sabon gwamnan bankin Cardoso ya zo, a zamanshi na farko a Fabrairun 2024 ya kai shi 22.75 a tashi ɗaya, kafin shekarar ta ƙare ya kai 27.5. Sai Satumban 2025 aka ɗan sassauta zuwa 27.

Bari mu yi lissafi da abin da muka sani. Mu ƙaddara wani ɗan kasuwar hatsi a Dandume ya ci bashin naira miliyan 3 a banki da kaka don ya sayi masara ya ajiye wata shida, mu ce buhu 60,000, ya samu buhu 50 ke nan. In banki na karɓar kashi 20 a shekara, ruwan wata shida 300,000 ne, kowane buhu ya ɗauki 6,000. In aka ƙara MPR banki ya koma karɓar kashi 32, ruwan ya zama 480,000, kowane buhu 9,600. Yanzu sai buhu ya wuce 69,600 kafin ya fara maganar riba, ba a sa kuɗin sito da maganin ƙwari da dako da lodi ba. To mutumin nan zai zauna ya yi tunani, ko ya sayi buhu 25 kawai da kuɗinshi, ko ya fasa ajiyar, ko in ya riga ya saya ya fitar da wuri don ruwa na cin shi kullum. Ka ninka wannan sau dubbai, da mai shagon siminti da mai kawo babura da mai kamfanin casar shinkafa, sai ka ga masu rububin saye sun ragu, wannan raguwar ita CBN ke nema don farashi ya rage gudu. Wato da gangan ake sa kasuwa ta yi sanyi. Mutane ba su son jin haka amma haka abin yake, shi ya sa masu masana'antu ke kuka duk sadda aka ƙara.

Ni ba na cin bashi da ruwa, haramun ne. Ina ruwana da shi?

Allah ya ƙara tsare mu, amma yana iso ka ta bayan gida. Dilan da ke ba ka kaya daga Kano ka sayar ka kawo kuɗi, kamfanin da ke ba shi kayan da bashin banki yake aiki, in ruwa ya tashi sai ya rage kwanakin da yake ɗaga ma dila ƙafa, dila ya ce maka daga yau sai kuɗi hannu. Bankunan Musulunci irin su Jaiz ba su karɓar ruwa, suna saye su sayar maka da riba sananna, amma a kasuwa ɗaya suke da sauran, ribar da suke ɗorawa ba ta zama wuri ɗaya in komai ya tashi. Ko sukuk, takardar lamunin Musulunci da DMO ta fara fitarwa a 2017, na biliyan 100 don gyaran tituna, kuɗin hayar da ake biyan masu shi yana bin yanayin kasuwar ne. Sannan ga dala, wadda ita ta fi komai saurin isa shagonka.

Ban da MPR, da mi CBN ke aiki?

Wanda ya fi cizo a wurin bankuna shi ne CRR, wato kason ajiyar mutane da dole banki ya kai CBN ya ajiye, ba ya juya shi, ba a biyanshi komai a kai. Ka kai 100,000 banki, lokacin da CRR ke kashi 32.5 banki zai kulle 32,500, da aka kai shi 50 a Satumban 2024 sai ya kulle 50,000, rabin kuɗinka cur. Abin da ya rage ma ba duka zai ba da bashi ba, akwai wata ƙa'idar ta kashi 30 da ke cewa ya riƙe kadarar da za a iya maida ta kuɗi nan take. Kuɗinka na nan, ko yaushe ka zo za ka cira, abin da aka rage shi ne ƙarfin banki na ba da bashi. A Satumban 2025 an maido shi 45. Ƙasashe kaɗan ne a duniya ke da CRR mai nauyi haka.

Sai sayar da takardun bashi na gajeren lokaci. In CBN ya ga naira ta yi yawa a hannun bankuna sai ya fitar da takardu da riba mai tsoka, bankuna da 'yan kasuwar waje su saya, kuɗin su shige wurinshi su kwanta. In yana son sakin kuɗi sai ya bar takardun su cika wa'adi ya biya. Sai kuma dala, yana sayarwa daga asusun ajiyar waje in naira na zubewa, yana kuma kafa dokokin wa zai saya, a wace kasuwa.

Tunda su ke buga kuɗi, mi ya hana su buga da yawa a biya albashi a yi tituna?

An yi, kuma mun ga abin da ya biyo baya. Wannan ita ce mahaɗar da hannuwan biyu ke cakuɗewa, kuma a ganina duk wanda ke son gane tsadar shekarun nan daga nan ya kamata ya fara.

Sashe na 38 na dokar CBN ya yarda bankin ya ba gwamnatin tarayya rancen wucin gadi in kuɗin shiga sun yi jinkiri, amma da sharaɗi biyu, kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na abin da gwamnati ta samu a shekarar da ta gabata, kuma a biya kafin shekara ta ƙare, in ba a biya ba ba a ƙara wani. Mu ƙaddara gwamnati ta samu tiriliyan 5 bara, iyakar abin da za ta karɓa bana biliyan 250 ne. To a zamanin Buhari da Emefiele rancen nan ya yi ta taruwa shekara bayan shekara ba a biya, har ya kai tiriliyan 22.7, sai a Mayun 2023 ana gab da miƙa mulki majalisa ta amince a maida shi bashin shekara 40 da ruwa kashi 9.

Bambancin wannan da bashin DMO shi ne, in DMO ta sayar da takardun lamuni, kuɗin da ke hannun wani ne, na asusun fansho ko na banki, suka koma hannun gwamnati, yawan naira bai ƙaru ba. In CBN ne ya ba da kuwa, ba a ɗauko daga aljihun kowa ba, lamba aka rubuta a asusun gwamnati, sabuwar naira ta shigo duniya, ba sai an kunna injin bugawa ba. Gwamnati ta biya 'yan kwangila da ma'aikata, kuɗin suka shiga kasuwa, amma buhunan gero da ke Mai'adua ba su ƙaru ba, dalar da ke hannun 'yan canji ba ta ƙaru ba. Kuɗi da yawa, kaya yadda suke, farashi ya tashi. Abin da ya fi ban haushi, daga Mayun 2022 bankin na ƙara MPR wai yana yaƙi da hauhawar farashi, a lokaci guda kuma yana zuba ma gwamnati sabbin kuɗi, yana kwashewa da hannun dama yana zubawa da na hagu.

Haka shirin bashin manoma na Anko da Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, wanda manoman shinkafa da auduga da masara na jiharmu da yawa suka shiga. Niyya mai kyau ce, amma zaɓen wane manomi za a ba taki da iri aikin kasafi ne, na ma'aikatar gona, wanda majalisa za ta gani ta tambaya. Da babban banki ya ɗauka ya raba sama da tiriliyan 1 ba ta cikin kasafi ba, kuma da yawa ba su dawo ba don wasu sun ɗauka rabonsu ne na gwamnati. Cardoso da ya zo ya ce bankin zai janye daga irin wannan, ya kuma ce ba sabon rancen wucin gadi sai an biya na baya.

Cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023, duk ba abu ɗaya ba ne?

Sati biyu ne tsakaninsu shi ya sa suka haɗe a kan mutane, amma daga ƙofa biyu suka fito. Tallafin mai kashe kuɗin gwamnati ne, cire shi da Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu shawarar kasafi ce, lita ta tashi daga ƙasa da 200 zuwa wajen 500. Sakin naira ranar 14 ga Yuni kuwa sanarwar CBN ce, aka haɗe kasuwannin canji, dala a farashin hukuma ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700, kafin Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Ko da yake kowa ya san shugaban ƙasa ya faɗi abin da yake so tun a jawabin rantsuwa, kuma kwana biyar kafin nan ya dakatar da gwamnan bankin, to ka auna 'yancin da kanka.

Ga inda ɗaya ke shiga gonar ɗaya. Kuɗin mai da dala suke zuwa. Dala miliyan 1 da ake canzawa naira miliyan 460 ta koma biliyan 1.5, sai rabon FAAC ya kumbura, jihohi suka ga kuɗin da ba su taɓa gani ba, da shi aka samu damar maganar mafi ƙarancin albashi na 70,000 a 2024. Amma siminti da kwalta da magani su ma sun bi dala, bashin waje da ake bin jiha da tarayya shi ma ya ninka in an lissafa da naira. Haka in CBN ya ƙara MPR, gwamnati ce babbar mai cin bashi a ƙasar, a 2024 takardunta na shekara ɗaya sun wuce kashi 20, kuɗin da za a yi aji da su sai su tafi biyan ruwa. Banki kuma in ya ga gwamnati na biyan kashi 20 ba tare da haɗarin gudu ba, mi zai kai shi ba mai injin niƙa a Funtuwa?

Maganar shinkafa da rufe boda fa, na wa ne?

Na duka biyun, shi ya sa ta rikice. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, wanda Jibiya da Kongolam suka ji a jikinsu, umarnin shugaban ƙasa ne kwastan suka aiwatar. Kuɗin fito da ake ɗora ma shinkafar waje haraji ne, na kasafi. Amma hana masu shigo da kaya 41 samun dala a farashin hukuma tun Yunin 2015, har da shinkafa, wannan CBN ne, shi ne kuma ya janye a Oktoban 2023. Yafe kuɗin fito na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama casa ba da aka sanar a Yulin 2024, wannan ya koma ɓangaren gwamnati. Manomin da ya sayi taki da tsada a 2025 ya zo ya tarar masara ta faɗi, in zai yi ƙorafin shigo da hatsi, wurin ɗan majalisarshi da ma'aikatar kuɗi da ta gona zai kai, kwamitin mutum 12 ba su da abin ce mashi.

An ƙara kuɗin ruwa har 27.5, mi ya sa abinci bai sauko nan take ba?

Na farko, abin na ɗaukar watanni kafin ya ratsa, kwamiti na iya yanke shawara a kwana biyu amma sai bashin da ke hannun mutane ya zo sabuntawa sannan su ji. Kasafi akasin haka ne, yana daɗewa a majalisa amma ran da aka biya albashi a ranar kasuwa ke ji. Hauhawar farashi ta ci gaba da hawa har kashi 34.8 a Disamban 2024, sannan a Janairun 2025 hukumar ƙididdiga ta sabunta ma'auninta lambar ta koma 24.48, wannan faɗuwar ta lissafi ce, ba wai kaya sun sauko a wata ɗaya ba. Kuma ko an ce hauhawa ta ragu daga 30 zuwa 20, ma'anarta kaya na ci gaba da tashi, gudun ne ya ragu.

Na biyu, kuɗin ruwa na maganin yawan masu saye ne, ba ya maganin ƙarancin kaya. In manomin Batsari ko Faskari ko Safana bai iya zuwa gonarshi saboda 'yan bindiga, ko a kai MPR 40 ba zai fitar da dami ɗaya ba. Tsaro, hanya, taki, wutar lantarki, dam, duk kuɗin kasafi ne. Sannan yawancin cinikinmu a nan da tsabar kuɗi ake yi, CBN da kanshi ya ce a 2022 sama da kashi 80 na takardun naira suna wajen bankuna, mai sayar da awaki a kara bai san MPR ba, MPR ma bai san shi ba. Inda ƙarin ruwan ya fi aiki da sauri shi ne wajen dala, don riba mai yawa na jawo masu kuɗin waje su kawo dala su sayi takardu, naira ta samu ta tsaya, in ta tsaya kayan waje su daina tsalle.

Mu da ke ciniki da Maraɗi da Damagaram, mi ya sa sefa ba ta rawa kamar naira?

Don Nijar ba ta da babban banki nata ita kaɗai. Ƙasashe 8 ne ke amfani da sefar yamma, bankinsu ɗaya, BCEAO, hedikwatarshi a Dakar, kuma an ɗaure kuɗin da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro 1. Gwamnatin Yamai na yin kasafinta da harajinta, amma ba ta iya kiran gwamnan banki ta ce a rubuta mata kuɗi, ba ta kuma iya rage darajar sefa don kanta. Ribar haka farashi bai cika gudu ba, asararshi kuma an gani bayan juyin mulkin Yulin 2023, da aka sa takunkumi bankin ya rufe ma gwamnatin asusunta, ta kasa biyan wasu basussukanta, tsabar kuɗi suka yi wuya a bankunan ƙasar.

In ka ga sefa ta yi tsada a wurin 'yan canjin Mai'adua ko Jibiya, galibi ba ita ta motsa ba, naira ce ta faɗi a gaban dala da yuro, ko kuma yuro ya tashi a gaban dala. Shi ya sa a 2024 Nijarawa suka riƙa ganin hatsinmu da kayan masarufinmu da araha suna kwasa, mu kuma raguna da shanun da ake kawowa daga can suka yi mana tsada. Mai shirin sayen dabbobin layya daga ƙetare ya fi buƙatar ya bi farashin yuro da sanarwar CBN a kan canji fiye da jawabin kasafi, sai dai in maganar kuɗin fito ce ko buɗe boda, wannan kam wurin kwastan zai tambaya.